Baƙuwar amsa a lissafin sin da cos: inda take fitowa da yadda ake kama ta

Akwai wata irin tambaya da take yawan fitowa a lissafin kusurwa, musamman ga ɗaliban aji biyu da aji uku na babbar sakandare masu shirin WAEC da NECO, da kuma 'yan shekarar farko a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a nan Sakkwato. Za a ba ka ikweshan guda wanda sin x da cos x suke zaune tare a cikinsa, a ce ka nemo x tsakanin 0° da 360°. Da sin x ce kaɗai, da aikin ya zo da sauƙi. Haka ma da cos x ce kaɗai. Amma su biyu a layi ɗaya, kowace da nata hali, ba ka da abin da za ka ware ka danna a kalkuleta.

Hanyar da aka fi koya wa yara ita ce yin sukwaya, wato a ninka kowane ɓangare na ikweshan da kansa. Dalilin hakan a fili yake. Dangantakar da ta fi kowace ƙarfi tsakanin sayin da kosayin ita ce

sin²x + cos²x = 1

kuma wannan dangantaka ba ta aiki sai an sami sukwaya. Muddin kana riƙe da sin x tsurarta, ba ka da hanya mai tsabta ta mayar da ita cos x. Da zarar ta zama sin²x, sai ka rubuta 1 − cos²x a madadinta, ikweshan ya koma mai abu ɗaya. Hanya ce mai kyau, ni ma ita nake fara koyarwa. Sai dai tana zuwa da wani abu da yawancin ɗalibai suke haddacewa ba tare da sun fahimta ba, wato “a duba amsa a ƙarshe”. Wanda bai san dalilin dubawar ba, ranar da lokaci ya ƙure masa a ɗakin jarrabawa ita ce abin da zai fara yarwa.

Mu fara da mafi sauƙi. A ce

sin x + cos x = 1, inda 0° ≤ x < 360°

Idan aka yi sukwayar ɓangarorin biyu, hagu zai ba da sin²x + 2 sin x cos x + cos²x, dama kuma 1. A nan ne wasu suke fara tuntuɓe, don sai ka ga yaro ya yi sukwayar sin x daban, ya yi ta cos x daban, ya manta da na tsakiyar. Sakamakonsa sai ya zama 1 = 1, ya zauna yana kallon takarda ba x ba alamarta. Wannan 2 sin x cos x ɗin da ya jefar, a cikinsa duk amsar take. Idan an yi daidai, sin²x da cos²x za su haɗu su ba da 1, abin da ya rage shi ne 2 sin x cos x = 0, wato sin 2x = 0.

Tunda x tana yawo daga 0° zuwa ƙasa da 360°, to 2x tana yawo daga 0° zuwa ƙasa da 720°. Sayin tana zama sifili a 0°, 180°, 360° da 540°. A raba kowace biyu, a sami x = 0°, 90°, 180°, 270°.

Yanzu a koma da su gida, wato ikweshan na farko kafin a taɓa shi. A 0°, sin 0° + cos 0° = 0 + 1 = 1, ta yi. A 90°, 1 + 0 = 1, ta yi. A 180°, 0 + (−1) = −1, ba ta yi ba. A 270°, (−1) + 0 = −1, ita ma ba ta yi ba. Amsoshi huɗu suka fito, biyu ne na gaskiya, sauran biyun kuma su ne nake kira baƙuwar amsa.

Ina so mai karatu ya tsaya a kan waɗannan biyun da suka faɗi, ya dubi abin da suka ba da. Ba 0.3 suka ba da ba, ba 7 ba. Dukansu −1 suka ba da, daidai kishiyar abin da ake nema. Wannan ba haɗuwar sa'a ba ce, a nan ne bakin zaren yake.

Idan A = B, tabbas A² = B². Amma idan aka ce maka A² = B², ba ka da hurumin cewa A = B. Dubi 3 da −3: sukwayarsu ɗaya ce, 9, alhali su ba ɗaya ba ne. A rubuce, A² − B² = (A − B)(A + B). Don haka duk wanda ya warware A² = B² ya warware ikweshan biyu ne a lokaci guda: A = B, wanda aka ba shi, da A = −B, wanda ba wanda ya tambaye shi. Wannan na biyun shi zan riƙa kira kishiya. Amsoshin kishiyar ne suke shigowa su zauna a jerin amsoshinka, kuma a cikin ikweshan da aka yi wa sukwaya babu wata alama da za ta bambanta su da na ainihi. Kamar ɗan kasuwa ne a Tsohuwar Kasuwa da yake rubuta “dubu biyar” a gaban sunan mutum, bai rubuta ko shi ke bin mutumin ko mutumin ke bin sa ba. Adadin yana nan daidai, amma littafin ba zai iya faɗa masa wa zai biya wa ba, sai ya koma ga yadda cinikin ya gudana tun farko. Sukwaya tana riƙe girman lamba ta share alamarta.

Shi ya sa ba a duba amsa a layin da ya biyo bayan sukwaya. Na sha ganin ɗalibi ya ce ya duba, in karɓi littafinsa in tarar ya sa 180° a cikin sin 2x = 0, ya ga ta yi, ya ja mata layi biyu a ƙasa. Dole ta yi mana, ai daga can ta fito. Dubawa ba ta da amfani sai a layin da yake sama da inda aka yi sukwaya.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne baƙuwar amsa ba laifin ɗalibi ba ce. Ba kuskuren tarawa ko ɗebewa ya haifar da ita ba, kuma ko malamin jami'a ne ya bi hanyar, sai ta fito masa. Hujjar ita ce idan aka canza yadda aka yi sukwayar, baƙin ma canzawa suke yi. Mu sake ɗaukar wannan tambayar, amma mu fara kai cos x ɗaya ɓangaren:

sin x = 1 − cos x

Sukwaya ta ba da sin²x = 1 − 2 cos x + cos²x. A sa 1 − cos²x a hagu, a tattara komai gefe ɗaya, a sami

2 cos²x − 2 cos x = 0, wato 2 cos x (cos x − 1) = 0

A wannan gaɓar hannu yakan yi ƙaiƙayin raba ko'ina da cos x. Kada a yi. Wanda ya raba da cos x ya ɗauka ke nan cos x ba sifili ba ce, kuma da haka zai zubar da 90°, wadda amsa ce ta gaskiya. Sukwaya tana ƙaro amsar da ba ta cancanta ba, wadda dubawa za ta iya cirewa. Rabawa da abin da zai iya zama sifili kuwa tana ɓatar da amsar da ta cancanta, kuma babu dubawar da za ta dawo da abin da ba ya cikin jeri. Wannan ta fi waccan muni.

Idan aka fitar da cos x waje kamar yadda muka yi, cos x = 0 ta ba da 90° da 270°, cos x = 1 ta ba da 0°. Amsoshi uku ne yanzu, ba huɗu ba, kuma 180° ko leƙowa ba ta yi ba. Dalili kuwa kishiyar ta canza. A karon farko kishiyar ita ce sin x + cos x = −1. A wannan karon ita ce sin x = −(1 − cos x). Ita 270° tana gamsar da wannan kishiyar, shi ya sa ta sake shigowa, amma 180° ba ta gamsar da ita. Amsoshin gaskiya, 0° da 90°, suna nan a hanyoyin biyu ba su motsa ba.

Wannan hanya ta biyu, ta ware ɗaya a gefe kafin a yi sukwaya, ita ce wadda za a riƙe. Ta farkon ta yi aiki ne kawai don lambar da ke gaban sin x da ta gaban cos x iri ɗaya ce. Da 3 sin x + 4 cos x ne, sukwaya a wurin za ta ba da 9 sin²x + 24 sin x cos x + 16 cos²x, wanda ya fi abin da aka fara da shi cakuɗewa.

To ga wadda ta fi kama da abin da ake gani a takardar jarrabawa:

√3 sin x − cos x = 1, inda 0° ≤ x < 360°

A ware sayin: √3 sin x = 1 + cos x.

Kafin a yi sukwaya, a dakata a karanta wannan layin da kyau, domin yana ɗauke da labarin da za a share nan da daƙiƙa ɗaya. Kosayin ba ta taɓa sauka ƙasa da −1. Saboda haka 1 + cos x ba zai taɓa zama ƙasa da sifili ba. Idan dama ba ta ƙasa da sifili, hagu ma haka, ke nan dole sin x ≥ 0. Wato duk amsar gaskiya tana tsakanin 0° da 180°, a rabin da'ira na sama. Nakan sa ɗalibai su rubuta wannan sharaɗi a gefen takarda su zagaye shi, sannan su ci gaba.

Sukwaya: 3 sin²x = 1 + 2 cos x + cos²x. A lura √3 ma an yi mata sukwaya ta koma 3. Yara da yawa sukan bar ta yadda take. A mayar da sin²x:

3(1 − cos²x) = 1 + 2 cos x + cos²x

A buɗe baka a tattara: 4 cos²x + 2 cos x − 2 = 0. A raba da 2, wanda lamba ce tsayayya ba abin tsoro:

2 cos²x + cos x − 1 = 0

(2 cos x − 1)(cos x + 1) = 0

Ke nan cos x = 1/2 ko cos x = −1. Ta farko ta ba da 60° da 300°, ta biyu ta ba da 180°.

Wata rana da muka iso daidai nan a aji, wata ɗaliba da take zama a layin gaba ta ɗaga hannu. Ta riga ta rubuta amsoshin uku ta rufe biro. Na ce ta sa 300° a layin farko mu gani. Ta yi a hankali: sin 300° = −√3/2, a ninka da √3 ya zama −3/2; cos 300° = 1/2, a ɗebe, ya zama −2. Ta ɗago kai ta ce, “Malam, to wagga daga ina ta hito? Ni ban yi kuskure ko guda ba.” Na ce, “Gaskiyarki, ɗiyata, ba ki yi ba. Dubi abin da muka zagaye a gefe.” Ta duba ta ga sin x ≥ 0, ta dubi 300° da take rubu'i na huɗu inda sayin take ƙasa da sifili, ta soke ta da kanta.

Sauran biyun sun tsaya da ƙafarsu. A 60°, √3 × √3/2 − 1/2 = 3/2 − 1/2 = 1. A 180°, 0 − (−1) = 1. Amsa ita ce x = 60° da x = 180°.

Akwai abin lura game da 180°. A wurin, ɓangarorin biyu na √3 sin x = 1 + cos x duk sifili ne. Sifili ba ta da kishiya, don haka wannan kusurwa tana gamsar da ikweshan namu da kishiyarsa a tare. Shi ya sa jerin ya zo da uku maimakon huɗu. Duk lokacin da ka ga cos x = 1 ko cos x = −1 ta fito bayan ka ware sayin, irin wannan ce.

Mai lura zai ce ɗazu na ce baƙuwar amsa tana ba da kishiyar abin da ake nema, ga shi 300° ta ba da −2 alhali 1 ake nema. Amsar ita ce kishiyancin yana bayyana ne a layin da aka yi wa sukwaya. A can, hagu √3 sin 300° = −3/2, dama 1 + cos 300° = 3/2. Girma ɗaya, alama daban. Wannan ma wata hanya ce ta gane ko aikinka na tsakiya daidai ne. Idan amsa ta faɗi, kuma ɓangarorin biyu na wannan layin sun fito da girma ɗaya da alama daban, baƙuwa ce ta halas, soke ta ka wuce. Idan kuwa girman ma bai zo ɗaya ba, to ba sukwaya ce ta jawo ba, akwai kuskure a wani layi, koma ka nemo shi.

Duk waɗannan misalai kusurwoyinsu sanannu ne, ana iya duba su da ka. Inda abin yake zama aiki shi ne lokacin da lambobin ba su faɗa a kan 30° ko 45° ko 60° ba. Mu ɗauki

3 sin x + 4 cos x = 2, inda 0° ≤ x < 360°

A ware: 3 sin x = 2 − 4 cos x. A wannan karon dama tana iya zama sama da sifili, tana iya zama ƙasa, ya danganta da cos x, don haka ba za a iya yanke hukunci tun yanzu ba. Za mu dawo wa layin.

Sukwaya: 9(1 − cos²x) = 4 − 16 cos x + 16 cos²x, wanda ya tattaru ya zama

25 cos²x − 16 cos x − 5 = 0

Wannan ba ya rabuwa cikin sauƙi, sai da fomular kwadiratik:

cos x = (16 ± √756) / 50

√756 kusan 27.495 ne. Saboda haka cos x ≈ 0.8699 ko cos x ≈ −0.2299. Dukansu suna tsakanin −1 da 1, don haka kowace tana da kusurwa. Da wata ta wuce wannan iyaka, a nan take za a jefar da ita.

Kalkuleta, idan allonta yana kan DEG ba RAD ba, za ta ba da 29.6° ga ta farko da 103.3° ga ta biyu. Amma kalkuleta kusurwa ɗaya take bayarwa, wadda take tsakanin 0° da 180°. Kowace kosayin tana da kusurwa ta biyu, 360° a ɗebe ta farko. Ke nan jerin ya zama 29.6°, 330.4°, 103.3° da 256.7°.

A nan ne ɗalibin da ya dogara da kalkuleta yake faɗawa rami biyu a lokaci guda. Zai rubuta 29.6° da 103.3°, ya ga amsa biyu, hankalinsa ya kwanta. Alhali 29.6° baƙuwa ce, kuma ta gaskiyar, 330.4°, ita ce wadda kalkuleta ba ta nuna masa ba.

Ga yadda ake ganewa ba tare da dogon danne-danne ba. A koma layin 3 sin x = 2 − 4 cos x, a sa darajar kosayin kai tsaye. Idan cos x = 0.8699, dama ta zama 2 − 3.4796 = −1.4796. Ke nan sin x tana ƙasa da sifili, kusan −0.493. Kosayin sama da sifili, sayin ƙasa da sifili, wannan rubu'i na huɗu ne, wato 330.4°, ba 29.6° ba. Idan cos x = −0.2299, dama ta zama 2 + 0.9196 = 2.9196, sin x kusan 0.973, sama da sifili. Kosayin ƙasa, sayin sama, rubu'i na biyu ne, wato 103.3°, ba 256.7° ba.

Ni wannan hanya na fi so, kuma ita nake so ɗalibi ya saba da ita. Kowace darajar kosayin tana zuwa da kusurwa biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, sayinsu girma ɗaya alama daban. Layin da ya gabaci sukwaya yana faɗin alamar da sayin za ta ɗauka. Ke nan daga kowane biyu, ɗaya ce tak za ta tsira. Ba cacar sa'a ba ce, tsari ne da za ka iya hangowa tun kafin ka taɓa kalkuleta.

Wanda ya fi son sa kusurwar a ikweshan na farko, babu laifi, amma ya san abin da zai gani. Tunda an taƙaita kusurwoyin zuwa lamba ɗaya bayan ɗigo, ba zai sami 2 cif ba. A 103.3° zai sami kusan 1.999. A 330.4° zai sami kusan 1.996. Na ga waɗanda suka soke amsar gaskiya saboda wannan ɗan giɓin, suka ce ai ba 2 ba ce. Wannan giɓin taƙaitawa ne kawai. Dubi abin da baƙin suke bayarwa: 29.6° ta ba da kusan 4.96, ita kuma 256.7° ta ba da kusan −3.84. Tazarar ba ta ɓuya. Wanda yake shakka ya riƙe lamba biyu bayan ɗigo, 103.29° da 330.45°, zai ga sakamakon ya ƙara matsowa kusa da 2, alhali na baƙuwa ba ya matsowa ko an ƙara lamba goma.

Akwai kuma hoton abin, ga mai son ya gani da ido. Zana da'ira mai radiyos 1. Kowace kusurwa x tana da ɗigonta a kan da'irar, wanda nisansa a kwance shi ne cos x, a tsaye kuma sin x. Idan ka kira na kwance u, na tsaye v, to 3 sin x + 4 cos x = 2 ya zama 4u + 3v = 2, wanda miƙaƙƙen layi ne. Miƙaƙƙen layi ba ya ratsa da'ira a fiye da wuri biyu. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka cewa ikweshan mai siffar a sin x + b cos x = c ba zai taɓa samun amsa fiye da biyu ba a zagaye ɗaya. Idan ka tashi da uku ko huɗu, akwai baƙo a ciki ko ba ka duba ba. Kishiyar kuwa wani layin ne, 4u − 3v = 2, wanda shi ne layin namu idan an kifar da shi daga sama zuwa ƙasa. Shi ma ya ratsa da'irar a wuri biyu. Biyu da biyu, huɗun da muka samu ke nan.

Layin yana iya taɓa da'irar a wuri ɗaya kawai, yana iya wucewa bai taɓa ta ba. Abin da ke yanke wannan shi ne R = √(a² + b²). A misalinmu R = √(9 + 16) = 5, wato 3 sin x + 4 cos x ba ya wuce 5, ba ya sauka ƙasa da −5. Tunda 2 tana tsakani, amsa biyu ce. Da an ce ya yi daidai da 5, amsa ɗaya ce. Da an ce 6, babu amsa sam, kuma fomular kwadiratik za ta nuna hakan da lamba mai mainos a ƙarƙashin alamar √. Lissafin R ba ya cin rabin minti, kuma yana gaya maka yawan amsar da za ka tsammata kafin ka fara.

Ita wannan R tana da hanyarta ta warware tambayar gaba ɗaya ba tare da sukwaya ba, kuma masu karatun lissafi mai zurfi a sakandare suna haɗuwa da ita. Ana rubuta 3 sin x + 4 cos x a matsayin 5 cos(x − 36.87°), inda 36.87° ita ce kusurwar da tan ɗinta yake 3/4. Sai ikweshan ya zama cos(x − 36.87°) = 0.4. Kusurwar da kosayinta yake 0.4 ita ce 66.42°, ko −66.42°. A tara 36.87° a kan kowace, a sami 103.29° da −29.55°, wadda ita ce 330.45° idan an ƙara mata 360°. Amsoshin da muka samu ɗazu ne, kuma ba baƙo ko ɗaya, domin babu inda aka share alama. Haka misalin da ya gabata: √3 sin x − cos x shi ne 2 sin(x − 30°), don haka sin(x − 30°) = 1/2, x − 30° = 30° ko 150°, x = 60° ko 180°.

To me ya sa ba za a bar sukwaya kawai a koma wannan ba? A ganina duk wanda ya iya hanyar R ya yi amfani da ita a irin wannan siffa, ta fi gajarta. Amma tana da nata wurin zamewa, wato zaɓen kusurwar da alamarta, kuma wanda ya sa fulos inda ya kamata ya sa mainos zai sami amsa biyu masu kyan gani da duk ba daidai ba. Sannan ɗalibi yakan iso ga irin wannan tambaya tun bai koyi fomular tara kusurwa ba, abin da ke hannunsa sin²x + cos²x = 1 ne da kwadiratik. Bugu da ƙari, darasin sukwaya ba a nan kaɗai yake aiki ba. Duk ikweshan mai alamar √ da za a yi wa sukwaya, wannan kishiyar tana jira a can ma.

Ga masu amsa tambayoyin zaɓi irin na JAMB, a sa ran ganin zaɓin da ya jera duk amsoshin da sukwaya ta fitar, har da baƙin, domin shi ne kuskuren da aka fi yi. Sanin cewa amsa ba ta wuce biyu a zagaye ɗaya yakan kawar da shi nan take.

Abu na ƙarshe shi ne iyakar da aka bayar, a karanta alamarta da kyau. A misalin farko mun ce 0° ≤ x < 360°, shi ya sa amsa ta tsaya a 0° da 90°. Da an rubuta 0° ≤ x ≤ 360°, to 360° ta shigo, domin sin 360° + cos 360° = 0 + 1 = 1, kuma amsa ta zama 0°, 90° da 360°. Wannan bai karya ƙa'idar biyu ba, don 0° da 360° ɗigo ɗaya ne a kan da'ira, an dai ƙirga shi a farkon zagaye da ƙarshensa. Idan kuwa iyakar −180° zuwa 180° ce, to a misalin 3 sin x + 4 cos x = 2 ba za a rubuta 330.4° ba, za a rubuta −29.6°, tare da 103.3°.